Shinkafar Alhamis, Tun Lahadi Ake Jiƙa Ta

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, mazajenmu da suka ba mu izini kuma suka rako mu, da 'ya'yanmu da ke tsaye a baya, sannunku da zuwa. 'Yan uwa da suka yi sammako daga Kalgo, sannunku da hanya. Mu na Gwandu, ga baƙinmu nan, a kula da su.

Ma'aji ta riga ta karanta muku lissafin shekara, ba za mu maimaita ba. Mu 'yan kwamitin bashi an ce mu yi magana a kan abin da muka gani a wajen zagayen karɓar biya. Muka zauna muka ce, maimakon mu jero muku nasiha, gara mu ba ku labarin mutum ɗaya. Tana cikinmu a zauren nan. Ta yarda a faɗi labarin, amma ta ce kada a kama suna. To, za mu kira ta Mai Gumi, tunda sana'arta ke nan: tana sayen shanshera, ta turara, ta kai inji, ta gyara, ta auna a kasuwa.

Haifaffiyar Kalgo ce, aure ya kawo ta Gwandu. Yaranta sun tasa, don haka ita da kanta take zama a rumfa. Ƙaninta na can Kalgo, shi yake saya mata shanshera wajen manoman fadama ya ɗoro mata a mota. Tana da masu abinci uku da suke karɓa kullum: ɗaya kwano 4, biyun kuma kwano 3 kowacce. Kwano 10 ke nan a rana. A rumfa kuma, in an haɗa ranar da kasuwa ta ci da ranar da ba ta ci ba, takan sayar da kamar kwano 8. Duka kwano 18. Da kwanon awonta, buhun shanshera mai kwano 40 yakan ba ta gyararriyar shinkafa kwano 18, wani lokaci 19. Wato cinikinta na rana ɗaya, buhun shanshera ɗaya ne cif. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake.

Shinkafarta ba ta da tsakuwa, ba ta da wari, kowa ya sani. Amma kowa ya san wani abu kuma: ba a dogara da ita. Yau rumfarta ta cika har tana neman mai saye, jibi ka je ka tarar da tabarma kawai. Masu abinci su aiko yaro da sassafe, a ce masa tana shanya, ya dawo da la'asar. Mai abinci kuwa ba ta jiran la'asar, tukunyarta tun hantsi take kan wuta.

Abin da ya kai ta bango, biki ne. Wata Hajiya a nan garin za ta aurar da ɗiyarta, ta zo ranar Lahadi ta ce tana son buhu biyu na gyararriya, kwano 80, ranar Alhamis. Ta ajiye rabin kuɗi kafin alƙalami. Mai Gumi ta ga kuɗi a hannu, ta ce, "Hajiya, an gama, ki kwantar da hankalinki." Ba ta tsaya ta ƙirga ba. A ɗakinta buhun shanshera biyu ne kawai, kwano 80 kuwa sai an turara buhu biyar.

Ta buga wa ƙaninta waya, kaya ba su iso ba sai Talata da yamma. A daren ta jiƙa buhu uku a tare, har da aron tukunya. Laraba ta turara, ta baza a rana mai zafi, ta bar ta tun safe har yamma ba hutawa, don ta bushe da wuri. Alhamis da sassafe ta kai inji. Mai inji ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya ciza, ya ce, "Inna, wagga ba ta kai ba." Ta ce ya sa haka nan. Shinkafa ta fito rabi a karye, wata kuma ta dame da buntu. Don ta cike kwano 80, sai ta kwashe ta masu abinci ta kwana biyu ta zuba a ciki.

Sakamakon kun iya hasashensa. Hajiya ta buɗe buhu a gaban dangin miji, ta ga karyayya, ta rage kuɗi, ta kuma faɗa wa duk wanda ya tambaya. Mai abincin da ke karɓar kwano 4 ta kwana biyu ba shinkafa, ta koma wajen wata. Kuɗin kafin alƙalamin kuwa, kafin shanshera ta iso an riga an taɓa su: zubin adashi, cefane, gudummawar wani suna. Da ranar biyan bashin ƙungiya ta zo, muka je gidanta, ba ta da shi. Karo na farko ke nan tun shigarta.

Ba mu je da faɗa ba. Muka zauna a tsakar gida, tana ta share hawaye tana cewa, "Wallahi ban zauna ba. Tun asuba nike tsaye. Ban san inda kuɗɗin sunka tahi ba." Gaskiya ta faɗa, ba raggo ba ce. Ɗiyarta 'yar sakandare tana gefe tana tsintar shinkafa, sai ta ɗago kai ta ce, "Inna, ke hwa kullum ranar da anka tambaya kike tashi nema." Uwar ta harare ta, amma ba ta musa ba.

Ɗaya daga cikinmu, wadda ta daɗe tana wannan sana'a kafin ƙafa ta hana ta, ta ce, "Yaya, bari in tambaye ki. Shinkafar da za ki auna ran Alhamis, yaushe kike jiƙa ta?" Mai Gumi ta ƙirga da yatsu ta ce Lahadi da dare. Aka ce, "To, mi ya sa kike tunanin ta ran Laraba?" Daga wannan tambaya tsarin ya fito.

Bari mu bi hanyar da buhu ɗaya yake bi, don waɗanda ba sana'arsu ba ce su gane. Rana ta farko da yamma a wanke shanshera, a kwashe marar ƙwaya da ke tasowa saman ruwa, a jiƙa a ruwan zafi ta kwana. Rana ta biyu da safe a tsane ta, a turara har ɓawon ya fara tsagewa, a baza a rana ana motsawa. Rana ta uku a ƙarasa shanya a hankali, a inuwa ko a rana marar zafi, a tara ta ta huce. Rana ta huɗu a kai inji, a sheƙe, a tsince tsakuwa. Sai a rana ta biyar take shiga kwano. Ba inda za a yanke a hanyar nan ba tare da an biya ba. In jiƙo ya wuce lokaci, ruwa ya yi tsami, shinkafa ta ɗauki wari. In an ƙona ta da rana don gaggawa, bayan ƙwayar ya bushe cikinta da saura, ta tsattsage, inji ya karya ta. In an kai ta da danshi, ta dame. Masu ilimin abin suna cewa danshin da ya dace da inji kamar kashi 14 ne cikin 100. Mu ba mu da na'ura, haƙori muke da shi: in kin ciza ta ce ƙas, ta kai, in ta lotsa, da saura.

Tunda cinikinta buhu ɗaya ne a rana, kuma kowane buhu yana kwana huɗu a hanya, to dole kullum a sami buhu huɗu suna tafiya: ɗaya a jiƙo, ɗaya a turare, ɗaya a shanya, ɗaya a inji. Ranar da aka tsallake jiƙo, ba a ranar za a ji a jiki ba. Sai bayan kwana huɗu rumfa ta wayi gari babu komai, a lokacin kuma ta manta dalili, sai ta ce kasuwa ce ko sa'a. Wannan shi ne ciwon Mai Gumi na shekaru. Ranar da ta gaji ko ta je unguwa ba ta jiƙawa, ranar da ta ji ƙarfi ta jiƙa buhu uku. Shi ya sa rumfa take cika yau, ta bushe jibi.

Aka sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shafi ɗaya, rana ɗaya. Bayan sallar isha'i ita da ɗiyarta su zauna, ba ya kai su minti goma sha biyar. Da farko sun yi kuskure: suka riƙa rubuta komai, har da shara da wanki da wanda za a gaishe, shafi ya cika da abu ashirin. Kwana biyar ta ajiye littafin ta ce wannan aikin malamai ne. Da muka koma, muka ce a soke komai a bar tambaya huɗu kawai.

Tambaya ta farko: gobe wa na yi wa alkawari, kwano nawa, ƙarfe nawa? Ta biyu: buhu nawa ne a jiƙo, a turare, a shanya, a inji, kuma shanshera nawa ta rage a ɗaki? Ta uku: yau kwano nawa ya fita, nawa aka biya, nawa ne bashi kuma a hannun wa? Ta huɗu: mene ne abu ɗaya da in ban yi shi gobe ba zan yi kuka bayan kwana huɗu? Mafi yawan ranaku amsar ta huɗu kalma ɗaya ce: jiƙo. Wata rana itace ne, wata rana waya zuwa Kalgo.

Da asuba bayan salla ɗiyar ta karanta mata shafin kafin ta tafi makaranta. Ranar kuma ta rabu bisa lokutan da kowa ya sani. Bayan asuba turare da awon masu abinci. Da hantsi baza shanya, yaro ya tafi inji da buhun da ya bushe. Daga nan har la'asar tana rumfa, surukarta na motsa shanya a gida. Bayan la'asar tsinta da karɓar kuɗin masu abinci. Bayan magariba jiƙon gobe. Ba sabon aiki ko ɗaya a ciki. Abin da ya sauya shi ne kowane aiki ya sami wurin zamansa, jiƙo kuma ya daina jiran sai ta ji daɗin jiki.

Sai maganar shanshera daga Kalgo. Ta duba ta ga daga ranar da ta buga waya zuwa ranar da kaya ke sauka a ƙofar gida, kwana biyu ne: ɗaya ƙaninta ya zaga ya saya, ɗaya a sami mota. A da sai ɗaki ya zama wayam take kira, sai tukunya ta kwana biyu a kife. Yanzu ta ɗauki gawayi ta ja layi a bangon ɗakin ajiya, daidai tsayin buhu uku. In kaya sun sauko kan layin, a daren za ta kira a ɗoro buhu bakwai. Buhu biyu na kwanakin hanya ne, na ukun na ko-ta-kwana, don mota takan lalace, manomi yakan ce sai gobe. Ƙanin ma ya ji daɗi, don ya daina saye a gurguje. Mai saye a gurguje, abin da aka ce masa shi yake biya.

Kuɗi kuma, ga yadda ta raba su, kuma mun ga hikima a ciki. Ba ta ƙirga da naira ba, da kwano ta ƙirga, saboda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. A lissafinta na lokacin, cikin kwano 18 da buhu ke bayarwa, kuɗin kwano 14 na shanshera ne, dole su koma Kalgo. Kuɗin kwano 2 na aiki ne: itace, inji, mota, dako. Kuɗin kwano 2 da suka rage, su ne nata, a ciki za ta ci, ta yi zubi, ta biya ƙungiya. Ta samo gwangwani uku. Kowane dare a raba cinikin rana a zuba. Ta ce ranar farko da ta ga gwangwanin riba sai da gabanta ya faɗi, don ta saba ɗaukar duk abin da ke cikin lalita a matsayin nata. Ashe shekara da shekaru tana cin uwar kuɗi tana zaton riba ce.

Wannan rabo ba dutse ba ne, yana motsi. Duk mun tuna abin da ya faru bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, yadda kuɗin mota da na inji suka tashi a 'yan kwanaki. Da yawa cikinmu mun sayar da kaya a tsohon farashi muna murnar ciniki, da muka koma sari kuɗin bai sayi abin da muka sayar ba. Don haka Mai Gumi ta ƙara ɗabi'a ɗaya. Duk daren da ta yi waya da ƙaninta, takan tambayi kuɗin buhu a ranar, ta raba shi gida 14, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin kuɗin da za ta sayar da kwano. Ba da kuɗin da ta sayo take yanka farashi ba, da kuɗin da za ta sake sayowa.

Bashi ma littafin ya tona shi. Masu abinci sukan karɓa da safe su biya da yamma, haka al'adar take, ba laifi. Amma a hankali yamma ta zama gobe, gobe ta zama ranar kasuwa. Kwano 10 a rana, in ya kwana uku ba a biya ba, kwano 30 ne a waje, ya fi abin da buhu ɗaya da rabi ke bayarwa. Ga inda kuɗin shanshera suke maƙalewa. Ta je wajen kowacce da kanta, ba aike ba, ta ce, "Ƙawata, ni na ɗaukam miki alkawali, kullum kahin rana ta hito shinkafarki na ƙofa. Ke kuma ki ɗaukam mini, na jiya kahin na yau." Suka yarda, saboda abin da ta ba su ya fi abin da ta nema. Mai abinci ba abin da take tsoro kamar ta hura wuta babu abin zubawa.

Akwai wani mako da littafin ya cece ta daga asarar da ba za ta taɓa gani ba. Ɗiyar ce ta lura: buhu uku a jere sun ba da kwano 15, 16, 15, maimakon 18. A da sai dai ta ji kuɗi sun yi ƙasa ba ta san dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza, suka bi sawu. Inji ɗaya ne, shanya ba ta sauya ba, karyayya ba ta ƙaru ba. Sai ta tuna a wajen wanki marar ƙwaya ta riƙa tasowa da yawa fiye da kullum. Matsalar tun daga saye take, shansherar ba ta yi ƙwaya sosai ba kuma ba a sheƙe ta da kyau ba. Ta kira ƙaninta, ya gane daga wajen wa ya sayo. Tun daga nan kafin ya biya sai ya zura hannu har tsakiyar buhu, ya ɗebo, ya zuba a kwanon ruwa ya ga abin da zai taso. Ku lura da lissafin: ribarta kwano 2 ce a buhu. Buhun da ya rage kwano 3 ya cinye ribar duka, ya taɓa uwar kuɗi.

Yanzu ga jarrabawar. Bayan wasu watanni wata mata a Kalgo, maƙwabciyar matar ƙaninta, ta ci shinkafarta a gidan, ta aiko tana son kwano 80 na biki. Adadin da ya kayar da ita a baya, shi ne ya dawo. Wannan karon ba ta ce an gama ba. Ta ce, "Ki ba ni daren yau, gobe da sahe in ba ki amsa."

Suka buɗe littafi suka fara daga ƙarshe suna dawowa baya. Kaya za su hau mota Alhamis. To buhu na ƙarshe ya shiga inji Laraba, ya ƙarasa shanya Talata, a turara shi Litinin, a jiƙa shi Lahadi da dare. Buhu biyar ake bukata, don biyar sau 18 ya ba da 90, a cire 80, ragowar 10 ta rufe karyayya da abin da ba a sani ba. Ba za ta taɓa na masu abinci ba, don haka waɗannan biyar ƙari ne a kan na kullum. Tukunyarta da ƙarfinta ba su wuce ƙarin buhu ɗaya a rana ba. Ke nan jiƙon ƙari zai fara Laraba, ya bi Alhamis, Juma'a, Asabar, ya ƙare Lahadi. Shanshera ta iso kafin daren Laraba, wato a buga waya Litinin. Daga Litinin ɗin waya zuwa Alhamis ɗin lodi, kwana goma.

A nan suka ga abin da ba su zata ba. Ba tukunya ce za ta hana ba, wurin shanya ne. Kowane buhu yana kwana biyu a shimfiɗe, don haka kullum buhu biyu ne a tsakar gidanta, kuma iyakar abin da tamfol ɗinta ke ɗauka ke nan. In ta ninka aiki, buhu huɗu za su nemi wuri a lokaci ɗaya. Tun a daren aka rubuta a tambaya ta huɗu: aron tamfol da tsakar gidan maƙwabciya. Da safe ta je ta roƙa, aka ba ta, a kan za ta bar musu buntu.

Ta kira matar Kalgo ta tambayi ranar biki. Saura kwana goma sha biyu. Ta ce ta karɓa, da sharaɗin a tura kuɗin kafin alƙalami kai tsaye wajen ƙaninta ya sayi shanshera, kada su biyo ta hannunta. Ta san kanta. Ranar Alhamis kaya suka hau mota, masu abinci ba wadda ta rasa ko kwano ɗaya a kwanakin nan goma. A satin kuma wani ya zo yana son kwano 40 cikin kwana uku. Ta duba shafi ta ce ba za ta iya ba, ta nuna masa rumfar wata 'yar ƙungiya. Ta ce mana wannan "a'a" ta fi mata wuya a kan duk aikin bikin, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada mu yi muku zaƙin baki, littafi ba ya hana ruwan sama. Da damina ta kama, shanyar kwana biyu ta koma uku, wata rana huɗu, sai da ta ƙirga hanyar buhu da kwana shida, ta rage karɓar manyan oda har kaka. Akwai ranar da inji ya lalace, ta koma da kaya gida. Abin da ya tsirar da ita shi ne ta riga ta fara ajiye gyararriya ta rana ɗaya, kwano 18, wadda ba a taɓawa sai irin wannan rana, ana kuma sauya ta duk mako don kada ta tsufa. Akwai makon da ta kwanta zazzaɓi, littafi ya kwana shida ba a buɗe ba, rumfa ta sake bushewa. Bambancin kawai, da ta tashi ta san daga inda za ta kama.

Sai kuma ɗiyar ta tafi karatu Birnin Kabi. Muka ce shi ke nan, littafi ya mutu, don Mai Gumi ba ta yi boko ba. Ashe ta riga ta yi dabara. Sunayen masu abinci da ajami take rubutawa, abin da ta koya a makarantar allo. Buhu da'ira ne, kwano sanda ce, bashi kuma sanda da aka ja wa layi a ƙasa, in an biya a soke ta. Mun duba shafukan, sun fi na wasu masu takardar shaida tsabta. Saboda haka wadda za ta ce mana ba ta iya rubutu ba, ga amsarta nan zaune a cikinku.

Ina take yanzu? Mai abincin da ta gudu ta dawo da kanta, bayan ta ji abokan sana'arta ba su ƙara kwana da wuta a banza ba. An sami ta huɗu mai karɓar kwano 3. Karyayya ta ragu, saboda ba a ƙara kai wa inji abin da bai bushe ba, buhu ya fi yawan ba da 19 a kan 18. Bashin ƙungiya ta biya wanda ta tsallake, ba ta sake tsallake wani ba. Da muka ce ko za ta ƙara karɓar bashi ta ninka sari, sai ta ce a'a, ba kuɗin shanshera ne ya tsare ta ba, wurin shanya ne, in za a ba ta, a ba ta na tamfol biyu da siminti ta dafe gefen tsakar gida. Mu da muke kwamiti, ba mu taɓa jin mai neman bashi ta faɗi daidai inda sana'arta ta ƙuntata kamar haka ba. Hajiyar bikin farko dai har yau ba ta dawo ba, in sun haɗu a hanya sai gaisuwa. Wani abin in ya zube ba ya kwasuwa duka.

'Yan uwa, ba kowa ce a nan ke gumi ba. Akwai masu ƙuli da man gyaɗa, masu daddawa, masu ɗinki, masu sarin albasa daga Aliero, da waɗanda ba sa fita, yara ke kai musu talla. Lambobin Mai Gumi nata ne, kada wata ta kwafa. Abin ɗauka shi ne tambayar da aka yi mata a tsakar gida. Mai daddawa, kalwar da za ta zama daddawar ranar kasuwa, yaushe kike dafa ta? Mai ɗinki, kayan salla, yaushe ne ranar ƙarshe da za ki karɓi yadi? Kowacce ta ƙirga kwanakin da kayanta ke yi a hanya, daga sari har hannun mai saye, ta fara lissafi daga ranar alkawari tana dawowa baya. Iyayenmu sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙonmu ga mazaje da 'ya'ya kuma ƙarami ne. Minti goma sha biyar ɗin nan na bayan isha'i, ku bar mata su. Yaron da ya iya rubutu ya zauna ya riƙe biro. Gwangwanin uwar kuɗi kuma, ko an ga ya cika, ba na cefane ba ne.

A zagayen biya mai zuwa, na Gwandu da na Kalgo, za mu zo da littattafai. Wadda take so, za mu zauna da ita mu ƙirga kwanakin kayanta, mu rubuta shafin farko tare. Mai Gumi ta ce za ta biyo mu in an sa ranar bayan la'asar, amma kafin magariba za ta koma gida, tana da jiƙo.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya rufa mana asiri, ya mai da kowa gidansa lafiya.